Takardar da Ke Tunkarar Matsala Kafin a Haƙa Harsashi

A watan Fabrairun 2024, buhun siminti da ake saya tsakanin naira 5,000 da 6,000 'yan watanni kafin nan ya haura naira 10,000 a kasuwanni da dama na Najeriya. Abin ya kai ga Ministan Ayyuka, David Umahi, ya zauna da manyan kamfanonin siminti, wato Dangote da BUA da Lafarge, aka tsayar da magana a kan naira 7,000 zuwa 8,000. Kafin a kai ga wannan zama, gine-gine da yawa sun riga sun tsaya cak, wasu a linta, wasu ba su ma kai nan ba. Masu su ba su kasa lissafin bulo da rodi ba. Abin da ba su sa a lissafi ba shi ne abin da zai iya faruwa tsakanin ranar da aka haƙa harsashi da ranar da za a miƙa makulli.

Masana tafiyar da ayyuka suna da takarda ta musamman don wannan giɓi, ana kiranta rajistar haɗari. Manyan kamfanoni na bin ƙa'idoji irin su ISO 31000, wadda ta fara fitowa a 2009, amma ƙaramin gini ba ya buƙatar fiye da shafi ɗaya ko biyu na littafin rubutu. Ana ja layuka a tsaye, a raba shafin gida biyar: haɗarin kansa, yiwuwar aukuwarsa, girman illarsa, wanda aka ɗora wa alhakinsa, da matakin da za a ɗauka.

A ɗauki misalin wani ɗan kasuwa a Kano da zai gina bene mai hawa ɗaya, shaguna huɗu a ƙasa, ɗakunan haya a sama. A ƙaddara kasafinsa naira miliyan 40 ne, zai fara a watan Maris, yana fatan gamawa a Nuwamba. Kafin tifa ta zube yashin farko, ya kamata ya zauna da injiniya da ɗan kwangila da babban birkila, kowa ya faɗi abin da ya taɓa gani ya lalata aiki irin wannan. Birkilan da ya shekara ashirin yana aiki a unguwar ya fi kowa sanin inda ruwa ke kwanciya da damina, don haka rashin gayyatarsa asara ce babba.

Gidan farko shi ne inda aka fi yin kuskure. Mutum zai rubuta “siminti” ko “damina” ya wuce, alhali kalma ɗaya ba ta nuna wa kowa abin yi. Ana so a rubuta jimla mai ɗauke da sanadi da abin da zai faru da sakamakonsa. Misali: saboda za a riƙa sayen siminti kaɗan-kaɗan har tsawon wata takwas, farashi na iya tashi kafin a kai ga zuba dakin, kuɗin da aka ware ya kasa. Da zarar an rubuta shi haka, maganin ya fara bayyana, domin an ga cewa tushen matsalar shi ne sayen da aka rarraba.

Daga nan sai maki. Ana ba yiwuwa lamba daga 1 zuwa 5, inda 1 ke nufin da wuya ya faru, 3 ke nufin zai iya faruwa zai iya ƙi, 5 kuma kusan tabbas ne. Illa ma daga 1 zuwa 5, sai dai dole a fara yarda da abin da kowace lamba ke nufi a wannan aikin, in ba haka ba kowa zai ba da maki gwargwadon tsoronsa. Mai shagunan nan zai iya cewa 1 ita ce asarar da ba ta kai naira 200,000 ba ko jinkirin kwana biyu zuwa uku, 5 kuma asarar da ta haura miliyan 4, ko jinkirin fiye da wata biyu, ko abin da ya taɓa rai. Sai a ninka lambobin biyu. Mafi ƙanƙantar sakamako 1 ne, mafi girma 25.

Tashin farashin siminti, a ƙasar da ta ga cire tallafin man fetur a Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, zai iya samun 4 a yiwuwa. Illarsa kuwa lissafi ne mai sauƙi. A ce ginin zai ci buhu 600, an sayi 200 don harsashi, saura 400. In buhu yana naira 10,000 kuma ya ƙaru da kashi 20 cikin 100, ƙarin ya zama naira 2,000 sau 400, wato 800,000. A ma'aunin da aka yarda da shi wannan ya faɗa wajen 3, jimilla 12. Wanda ke da alhaki shi ne mai ginin da kansa, tunda kuɗin a hannunsa suke.

Matakin da zai fara zuwa zuciya shi ne a sayi buhu 400 ɗin gaba ɗaya a jibge. Amma siminti ba ya son ajiya: yana shan raɓar iska, ya fara dunƙulewa, ƙarfinsa ya ragu, shi ya sa ake so a yi amfani da shi cikin kamar wata uku, a kuma ajiye shi a kan katako nesa da ƙasa da bango. Ga ɓarayi kuma. Wato maganin haɗari ɗaya ya haifi wasu biyu, su ma sai an buɗe musu layi a takardar. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a biya dila amintacce kuɗin buhunan da dakin zai ci, a karɓi rasit da ke nuna farashi da adadi, a riƙa ɗauka idan buƙata ta zo. Sauran da ba a iya biya ba sai a ware musu kuɗin ko-ta-kwana.

Damina ta fi wannan nauyi. A Kano ruwa na sauka sosai daga Yuni zuwa Satumba, Agusta ne ƙololuwa. In jadawalin aiki ya nuna za a zuba dakin a ƙarshen Yuli, yiwuwar ruwa ya kama aikin 4 ce, illar kuma 4, domin ruwan sama mai ƙarfi a kan kankaren da bai kama ba yana wanke simintin saman, ya bar yashi da tsakuwa a fili, ƙarfin wajen ya ragu. Maki 16, sama da na siminti. Akwai kuma abin da littattafan ƙasashen waje ba sa ambata: da ruwan shuka ya sauka, leburori da yawa kan koma ƙauye gona, a daidai lokacin da zuba dakin ke neman hannu da yawa a rana ɗaya. Ɗan kwangila ne ke da wannan layin. Matakinsa shi ne ya matso da aikin dakin zuwa farkon Yuni, ya tanadi tamfol ko ledar da za ta rufe saman duka, ya duba hasashen hukumar NiMet kafin ya sa rana, ya kuma kama leburorinsa da kafin alƙalami tun da wuri.

Matakai dai iri huɗu ne, kuma yana da kyau a rubuta wanne aka zaɓa. Ana iya kauce wa haɗari gaba ɗaya, kamar ƙin haƙa ko da rami ɗaya sai takardar izinin gini daga KNUPDA ta fito, maimakon a fara a wayi gari da jan fenti a bango. Ana iya rage shi, kamar yadda aka yi wa damina. Ana iya miƙa shi ga wani ta hanyar yarjejeniya ko inshora, misali a rubuta cewa duk bulon da ya farfashe kafin a sauke shi na mai buga bulo ne. Ana kuma iya karɓarsa da ido a buɗe idan maganinsa ya fi shi tsada.

Ninka lambobi na da iyaka, kuma iyakar mai haɗari ce. Abin da ke da yiwuwa 5 da illa 1, kamar tifar yashi ta makara da yini ɗaya, makinsa 5. Abin da ke da yiwuwa 1 da illa 5, kamar rufzawar dakin a kan ma'aikata, shi ma 5. Babu mai hankalin da zai ajiye su a sahu ɗaya. Don haka duk layin da illarsa ta kai 5 ana ɗaga shi sama ko nawa ne makinsa. Ana auna cikakken ƙarfin kankare ne bayan kwana 28, ana kuma so a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7 na farko. Kafinta kuwa yakan ƙosa ya cire katakonsa da gorarsa ya kai wani aikin. A nan matakin gajere ne: ba a zare gora ko ɗaya daga ƙarƙashin dakin sai injiniya ya zo ya duba ya ba da izini a rubuce. Haka batun ƙasar fulotin. Kano na da wuraren da a da kududdufai ne aka cike su da shara da ɓaraguzai aka yanka fulotai, kuma gwajin ƙasa kafin a zana harsashi ya fi araha nesa ba kusa ba a kan bangon da zai tsage bayan shekara biyu.

Gidan alhaki shi ne ke raba takarda mai aiki da takardar ado. Kowane layi mutum ɗaya ake rubuta masa, da sunansa, kuma ya zama wanda ke da ikon ɗaukar matakin. In aka rubuta “mu duka” ko “'yan aiki”, ranar da abin ya faru kowa zai nuna ɗan'uwansa. Ba daidai ba ne kuma a ɗora wa foman alhakin farashin siminti alhali ba shi da ikon fitar da ko kwabo. Yana taimakawa a ƙara alamar gargaɗi da ranar aiki kusa da sunan: idan buhu ya ƙaru da naira 500, ko idan 20 ga Mayu ta yi ba a gama ɗaurin rodin dakin ba, mai alhakin ya kira taro a ranar.

Daga takardar ne kuma kuɗin ko-ta-kwana ke samun tushe. An saba ware kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na kasafi, amma rajistar na nuna ko hakan ya isa. In an ƙiyasta yiwuwar tashin siminti da kashi 70 cikin 100, a ninka da 800,000, a samu 560,000. A yi haka ga kowane layi a tara. In jimillar ta kai miliyan 5 alhali miliyan 2 aka ware, gara mai ginin ya sani tun a Maris, lokacin da zai iya jinkirta tayil ko rage ɗaki ɗaya.

Layuka goma zuwa goma sha biyar sun ishi gini irin wannan. In suka kai hamsin babu mai karantawa. Ana buɗe littafin sau ɗaya a mako, ranar biyan leburori ta fi sauƙi tunda kowa na nan, kuma minti goma sha biyar sun wadatar. A soke layin da ya wuce, a gyara makin da ya canja, a ƙara sabo. Bayan an zuba dakin lafiya, layin damina zai sauko daga 16 zuwa ƙasa, na satar wayar lantarki da famfuna kuma ya hau, domin a lokacin ne kayan suka iso wurin aiki alhali ba a sa ƙofofi ba tukuna.