Yadda Ake Miƙar da Lanƙwasasshen Layi: Darasi daga Ƙidayar Jama'ar Nijar

Jamhuriyar Nijar ta ƙirga jama'arta a 1977, aka samu mutum miliyan 5.10. A 1988 aka samu miliyan 7.25, a 2001 miliyan 11.06, a 2012 kuma miliyan 17.14. Duk wanda ya ɗiga waɗannan alƙaluma a takarda, shekaru a kwance, yawan jama'a a tsaye, zai ga ɗigon ba su jeru a miƙaƙƙen layi ba. Suna lanƙwasawa sama. A shekara 11 na farko an ƙaru da miliyan biyu da 'yan kai, a shekara 11 na ƙarshe kuwa an ƙaru da miliyan shida. Dalili a fili yake: mutane ne ke haihuwar mutane, don haka gwargwadon yawansu gwargwadon abin da za su ƙara. Irin wannan ƙaruwa ta ninki ce, kowace shekara ana ɗora wani kaso bisa ɗari a kan abin da ake da shi.

Masu ilimin ƙididdiga suna rubuta ta haka:

```
y = A * e^(b*t)
```

A nan y shi ne yawan jama'a, t shekarun da suka wuce tun daga mafari, A yawan jama'a a mafarin, b kuma saurin ƙaruwa. Ita e lamba ce tsayayya, kusan 2.718. Aikin shi ne a nemo A da b waɗanda suka fi dacewa da alƙaluma huɗun nan. Matsalar ita ce hanyar da aka fi sabawa da ita, mai sauƙin lissafi, ta miƙaƙƙen layi ce, namu kuwa ya lanƙwashe.

A nan logaridim yake shigowa. John Napier, mutumin Sikotilan, ya buga littafinsa a kai a 1614, kuma amfaninsa tun lokacin shi ne yana mayar da ninkawa ta koma tarawa. Logaridim na lamba yana gaya maka sau nawa za a ninka e da kanta kafin a kai ga wannan lamba. Idan aka ɗauki logaridim na ɓangarorin biyu, sai lissafin ya koma haka:

```
ln(y) = ln(A) + b*t
```

Wannan miƙaƙƙen layi ne sak. Inda ya taso shi ne ln(A), hawansa kuma b.

To mu gwada. Mu ɗauki 1977 a matsayin sifiri, sauran shekarun su zama 11 da 24 da 35. Duk na'urar lissafi ta 'yan makaranta tana da maɓallin ln. Da shi 5.10 ta koma 1.629, 7.25 ta koma 1.981, 11.06 ta koma 2.403, 17.14 kuma ta koma 2.841. Aka sake ɗiga su, sai ga su sun kusa jeruwa kamar an ja musu zare.

Saura a ratsa layi a tsakaninsu. Ba da ido ake yi ba. Ana auna tazarar kowane ɗigo daga layin, a ninka tazarar da kanta, a tara, sannan a zaɓi layin da jimillarsa ta fi ƙanƙanta. A Excel, idan shekarun suna A2 zuwa A5, logaridim ɗin kuma suna C2 zuwa C5, layi biyu sun wadatar:

```
=SLOPE(C2:C5, A2:A5)
=INTERCEPT(C2:C5, A2:A5)
```

Na farko ya ba da 0.0344, na biyu 1.612. Nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe, domin 1.612 ba yawan jama'a ba ne, logaridim ɗinsa ne. Sai an mayar da shi da EXP, ya zama miliyan 5.01. Haka ma 0.0344: idan aka mayar, ya nuna ƙaruwar kusan kashi 3.5 cikin ɗari a shekara. A raba 0.693, wato logaridim na 2, da 0.0344, a samu 20 da ɗan ɗoriya. Ke nan a wannan tsakani jama'ar Nijar tana ninkawa biyu kusan duk shekara ashirin.

Da yawa a nan suke rufe littafi, kuma a ganina nan ne ainihin aikin yake farawa. Dole a tambayi layin me ya ce game da shekarun da muka riga muka san amsarsu. A 1977 ya ce miliyan 5.01, ƙidaya ta ce 5.10. A 1988 ya ce 7.32, ta ce 7.25. A 2001 ya ce 11.44, ta ce 11.06. A 2012 ya ce 16.69, ta ce 17.14. Kuskuren bai kai kashi huɗu cikin ɗari ba ko'ina, abin da zai sa mutum ya saki jiki. Amma a dubi tsarinsa: ƙidaya tana sama da layi a farko, ƙasa da shi sau biyu a tsakiya, sama kuma a ƙarshe. Kuskuren da ya zo bisa tsautsayi warwatse yake zuwa. Wanda ya zo a jere haka yana nuna cewa ko bayan logaridim akwai sauran lanƙwasa, wato saurin ƙaruwar bai tsaya wuri ɗaya ba.

Ana iya tabbatarwa da hannu. A cire logaridim na 1977 daga na 1988, a raba da 11, a samu 0.032. Tsakanin 1988 da 2001 ma kusan haka ne. Amma daga 2001 zuwa 2012 ya haura zuwa kusan 0.040. Wani ɓangare na wannan tsalle daga kalanda yake, domin ƙidayar 2001 wajen tsakiyar shekara aka yi ta, ta 2012 kuwa a watan Disamba, don haka tazarar ta fi kusa da shekara 11 da rabi. Ko da aka gyara, ya tsaya wajen 0.038, har yanzu sama da na baya. Raguwar mace-macen ƙananan yara na iya jawo haka. Idan kuma wata ƙidaya ta tsallake mutane fiye da wata, a ƙasa mai makiyaya da 'yan ci-rani, sakamakon ɗaya ne a takarda. Ɗigo huɗu ba za su raba wannan gardama ba, sai an koma ga bayanan haihuwa da mutuwa.

Akwai kuma abin da logaridim yake yi a ɓoye. Yana auna kuskure da kaso, ba da yawan kawuna ba. Kuskuren mutum dubu 90 a 1977 da na dubu 450 a 2012 sun bambanta ninki biyar, amma a ma'auninsa 0.017 ne da 0.026. Ga yawan jama'a wannan ya dace, tunda babbar ƙidaya babban kuskure take yi. Idan kuwa awon naka irin wanda kuskurensa ba ya girma da girman abin ne, gara a daidaita lanƙwasasshen layin kai tsaye da kwamfuta, a yi amfani da A da b ɗin nan a matsayin mafarin nema. Sannan sifiri ba shi da logaridim. Mai bin adadin masu cutar kwalara kullum, ranar da ba a samu kowa ba sai lissafinsa ya cije, kuma ƙara 1 a kan kowace lamba, dabarar da ake yawan yi, tana karkatar da hawan layin idan lambobin ƙanana ne.

Layin ba shi da birki. A sa t ta zama 100, wato 2077, zai ce miliyan 156, don bai san komai ba game da shekarun aure, karatun 'ya'ya mata, ruwa ko gona. Wanda ke lissafin azuzuwa da asibitocin da ake bukata a 'yan shekarun bayan 2012, ya fi masa ya tashi daga miliyan 17.14 na ƙidayar kanta da saurin tazarar ƙarshe, domin layin ya riga ya gaza ta da mutum dubu 450 tun a wannan shekarar.