Dalilin da ya sa cikin ƙugiya ya fi bayanta kauri

Duk wanda ya duba ƙugiyar injin ɗaga kaya da kyau zai ga ba a ƙera ta da kauri ɗaya ba. Ɓangaren ciki, wanda ke fuskantar igiya, yana da faɗi, bayan kuwa siriri ne. Akwai lissafi a wannan siffa.

Idan aka lanƙwasa miƙaƙƙen ƙarfe mai kusurwa huɗu, gefe ɗaya yana jawuwa, ɗayan yana matsuwa, a tsakiya kuma akwai layin da babu ja babu matsi. Ƙugiya ba haka take ba, domin tun asali a lanƙwashe aka ƙera ta. Nauyi yana ƙoƙarin buɗe bakinta, sai ciki ya jawu, baya ya matsu. To amma zaren ƙarfen da ke ciki gajere ne, na baya kuwa dogo. Ɗauki guntuwar roba da doguwa, ka ƙara wa kowace tsawon yatsa ɗaya: guntuwar ce za ta fi jin jiki. Haka cikin ƙugiya yake.

Da a ce layin nan ya zauna a tsakiya, da jan ciki ya rinjayi matsin baya, alhali a lanƙwasa zalla dole su zo daidai. Shi ya sa layin ke gusawa ciki, ɓangaren ja ya ƙuntata, na matsi ya faɗaɗa, har su yi kunnen doki. Injiniyan Jamus Emil Winkler ne ya fitar da wannan lissafi a 1858.

A ce ƙugiyar mai kusurwa huɗu ce, gefen ciki yana nesa da cibiyar lanƙwasar da milimita 50, na baya kuma 150. Tsakiyar ƙarfen tana kan 100, amma layin yana kan 91. Milimita 9 kacal, sai dai ba a raina su: jan da ke gefen ciki ya kai kusan ɗaya da rabi na abin da lissafin miƙaƙƙen ƙarfe zai nuna, matsin baya kuwa bai kai kashi uku cikin huɗu ba. Ga kuma nauyin kansa yana jan ƙarfen kai tsaye, yana ƙara wa ciki wahala. Wanda ya yi lissafi kamar ƙarfen a miƙe yake ya yi kuskure a daidai wurin da ya fi haɗari.

Saboda haka mai duba ƙugiya ya fi zuba ido a ciki, inda tsagewa kan fara. Yana kuma auna baki: in ya buɗe fiye da kashi 5 cikin ɗari, ƙarfen ya riga ya saki, sai a ajiye ta. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne a kai wa mai walda ya toshe tsagar, ko a gasa ta a mayar da bakin. Wutar tana ɓata ƙarfin da aka ba ƙarfen a masana'anta, ido kuma ba ya ganin ɓarnar.