Abin da ke hana zanen kwamfuta yin kauri, da yadda ake gyara shi

A manhajojin zanen injiniya irin su FreeCAD, SolidWorks da Fusion 360, yawancin sassan inji suna farawa ne da shimfiɗaɗɗen zane, sannan a ba shi kauri da umarnin `Extrude`, wanda a sashen Part Design na FreeCAD ake kira `Pad`. Umarnin yana da sharaɗi: dole layukan su zagaye su rufe, ta yadda manhaja za ta bambance ciki da waje. 

A ɗauki farantin da ke riƙe motar injin niƙa: tsawo milimita 120, faɗi 80, kauri 10, an lanƙwasa kusurwoyinsa huɗu, da huda biyu na noti masu faɗin milimita 12. Wannan zane guntaye goma ne cif: miƙaƙƙun layuka huɗu, baka huɗu, da'ira biyu. A kowace mahaɗa kuma bakin layi biyu ne ya kamata su haɗu, ba ƙari ba ragi. Mai riƙe da wannan lissafi ya rage wa kansa rabin wahala.

Cikin abubuwan da ke hana zane yin kauri, giɓi shi ya fi yawa, musamman idan zanen ya zo a fayil ɗin DXF daga wata manhaja. Bakin baka na iya tsayawa milimita 0.02 kafin bakin layi. Ido ba zai gani ba, amma FreeCAD na aiki da ma'aunin da ya kai 0.0000001 na milimita, don haka a wurinta ƙofa ce a buɗe, kamar shingen da aka bar wa akuya kafa. Fusion 360 kan shafa launi a cikin zanen da ya rufe, rashin launin kuwa alama ce. A FreeCAD ana buɗe `Validate sketch`, a sa `Tolerance` kaɗan sama da giɓin, misali 0.05, a danna `Find`, sannan `Fix`. Wannan yana ɗaure bakunan biyu da ƙa'idar `Coincident`, wadda ta fi jan layi da hannu, domin ko an sauya awo daga baya ba za su rabu ba. Sai dai a kiyayi zuba babbar lamba don a gama da wuri. Idan aka sa milimita 1, manhaja na iya haɗe ɗigogin da ba su da dangantaka, zanen ya rufe amma siffar ta karkace, kuma ba za a gane ba sai an yanka ƙarfe.

Layin da ya hau kan wani ya fi wuyar kamawa, saboda zanen a ido lafiya lau yake. Yakan faru idan aka kwafa aka manna sau biyu, ko aka zana gajeren layi a kan dogo. Nan lissafin farko ke aiki: idan jerin `Elements` ya nuna guntaye 11 maimakon 10, akwai ɓoyayye. Hanya mafi sauƙi ita ce a goge layin da ake zargi. Idan wani ya bayyana a gurbinsa, an kama shi, idan wurin ya zama fili sai a dawo da shi da `Undo`. Zanen da ya fito daga AutoCAD gara a tsabtace shi tun can da umarnin `OVERKILL`. SolidWorks kuma tana da `Repair Sketch` da `Check Sketch for Feature`. Layin tsakiya da aka ja don awo kawai shi ma yana jawo wannan rikici idan ba a mayar da shi `Construction` ba.

Saura zanen da ya gitta kansa. A nan adadi daidai yake, bakuna duk sun haɗu, amma layuka sun ratsa juna a tsakiya. Idan aka matsar da hudar noti har tsakiyarta ta zama milimita 5 daga gefen faranti, da'irar za ta leƙa waje da milimita 1, tunda rabin faɗinta 6 ne. Haka ma `Offset` na milimita 5 zuwa ciki a wurin da faɗinsa 8 ne kawai: layukan biyu za su wuce juna. Wannan ba abin da maɓalli ke warwarewa ba ne, domin mai zane ne kaɗai ya san nufinsa. Idan huda ake so, a mayar da ita ciki ta bar isasshen ƙarfe a gefe. Idan tsaga ake so, a datse abin da ya wuce da `Trim`, a sake ɗaure bakunan.

Idan duk an duba kuma laifin ya ƙi fitowa, a raba aikin: a ba farantin kauri shi kaɗai, sannan a huda shi da wani zane dabam ta `Pocket` ko `Extruded Cut`. Matakin da ya ƙi tafiya shi ke ɗauke da laifin, kuma guntayen da za a bincika sun ragu zuwa takwas ko biyu.