Wasiƙar Neman Bita: Yadda Ɗalibi Zai Roƙi Malamin Fiziks

Da zarar zango na biyu ya raba tsakiya, hankalin 'yan ajin ƙarshe na sakandare yakan koma kan jarrabawar WAEC da ake yi a watannin Mayu da Yuni, da ta NECO da ke biye mata. A lokacin ne ɗalibai kan nemi malamin fiziks ya ƙara musu darasin bita. Wasu sukan tare shi a baranda, ya ce "to, za mu gani," magana ta bi ruwa. Wasiƙa ta fi, domin malami ba ya da ikon buɗe ɗakin gwaje-gwaje bayan an tashi sai da izinin shugaban makaranta, kuma takarda ce zai nuna masa.

Galibi da Turanci ake rubuta ta, a tsarin wasiƙar hukuma: adireshin ɗalibi da kwanan wata, muƙamin malami, gaisuwa, take, sannan buƙata da sa hannu. Amma tsari kaɗai ba ya sa a amsa. Wasiƙar da ta ce "ba ma gane fiziks, a taimaka mana" ta ɗora wa malami manhajar shekara uku a ka. Wadda take samun amsa ita ce wadda ta faɗi inda ke ciwo, da yawan masu buƙata, da lokacin da ya dace.

Fiziks na WAEC kashi uku ne: tambayoyi 50 na zaɓin amsa, da na rubutu da lissafi, da na gwaji da hannu. A kashin gwaji akan ba da tambaya uku a amsa biyu, kuma sukan fito daga motsi da ƙarfi, da haske, da lantarki. Ɗalibi ya duba takardarsa ta jarrabawar share fage, ya ga wane kashi ne ya cinye masa maki.

Ɗauki gwajin fendulum, wato ɗan dunƙulen ƙarfe da ake ratayewa da zare yana lilo. A ce tsawon zaren santimita 80 ne, kuma lilo 20 ya ɗauki sakan 36. Lilo ɗaya ya zama sakan 1.8 ke nan. In aka sa wannan a ƙa'idar g = 4π²L/T², da tsawo a mita 0.8, amsa takan fito kusan 9.75, dab da 9.8 da aka sani. Wanda ya bar tsawon a santimita zai ga 975, in kuwa ya rubuta mita a gabansa ya faɗi. Wanda ya manta raba 36 da 20 zai ga 0.024. Daga amsar kaɗai malami yake gane inda ɗalibi ya yi tuntuɓe, shi ya sa ya kamata a sa ta cikin wasiƙar.

Ga yadda gundarin irin wannan wasiƙa zai kasance in aka faɗe shi da Hausa:

"Malam, bayan gaisuwa da girmamawa. Ina rubutowa ne a madadin mu goma sha biyu 'yan ajin kimiyya. A jarrabawar share fage mun rasa maki a gwajin fendulum da na haɗa wayoyin lantarki. Mun iya cika jadawalin awo, amma zaɓen ma'aunin giraf da fitar da gangararsa suna ba mu wuya. Muna roƙon ka ba mu awa ɗaya ranar Talata da Alhamis bayan an tashi, na tsawon mako huɗu, ko duk lokacin da ya fi maka sauƙi. Za mu zo da takardar giraf da rula, kuma kowa zai fara gwada tambayoyin shekarun baya kafin ya zo."

Wajen lokaci ana buƙatar lura. Ranar Juma'a ba ta yi ba, kuma da yawan ɗalibai suna da Islamiyya da yamma. Masu jeka-ka-dawo, musamman 'yan mata, sai iyaye sun san za su yi jinkirin komawa gida, don haka a faɗi cewa an sanar da su. Shi ma mai kula da ɗakin gwaje-gwaje, wanda makulli ke hannunsa, a tuna da shi.

Akwai roƙon da ke ɓata wasiƙa gaba ɗaya. Kafin ranar gwaji, hukumar jarrabawa takan aika wa makarantu bayanin kayan da za a tanada, kuma sirri ne a hannun malami. Jimla irin "ka nuna mana abin da zai fito" tana kama da neman satar amsa, malami mai tsare mutuncinsa kuwa zai ajiye takardar a gefe. A roƙi bitar dukkan ɓangarorin uku, ko a zaɓi waɗanda aka fi rauni a kansu.

A miƙa wasiƙar ta hannun monita ko hannu da hannu a ofishin malamai, tun da sauran mako shida ko takwas. In ta zo saura kwana goma, malam yana can yana haɗa kayan gwaji, ko ya so ba shi da sarari.