Yadda Alat Ke Nemo Takardar Bashinsa Da Kansa

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, dillalai da dama a Kasuwar Singa da Kantin Kwari a Kano sun koma karɓar kuɗi ta taransifa. Kuɗi na shiga, banki na turo alat ta imel, amma da yamma sai akawu ya zauna da littafi yana lalubo wane ne ya biya wace takarda. Wannan zaman ne ake iya ɗora wa kwamfuta.

Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Ana ajiye duk takardun kuɗin kaya da ba a biya ba, waɗanda 'yan kasuwa ke kira inbois, a tebur guda, misali a Google Sheets, kowace da lambarta da sunan mai saye da kuɗin da ake binsa. Sai a sa wata ƙaramar manhaja tana leƙa akwatin imel duk bayan minti biyar. In ta ga saƙon banki, ta ciro adadin kuɗi, sunan wanda ya turo, bayanin da ya rubuta lokacin turawa, da lambar hada-hadar. Daga nan ta shiga tebur neman takardar da ta dace.

A nan gizo ke saƙar. A ɗauka mai sayar da shinkafa da man girki yana da takardu biyu a buɗe, INV0412 ta wani mai shago a Gaya da INV0417 ta wata hajiya mai gidan abinci, kuma kowacce naira 185,000 ce. Alat ya shigo da 185,000 cif. Sunan da ke jiki ba na mai shagon ba ne, ba na Hajiya ba ne, na mai POS ɗin bakin layinsu ne, domin can ta aika yaronta ya tura. Manhajar da ta dogara da adadi kaɗai za ta rufe takardar da ta fara cin karo da ita, wato 0412. Washegari a kira Hajiya ana tuna mata bashin da ta riga ta biya, mai shagon Gaya kuwa an yafe masa nasa ba da saninsa ba.

Shi ya sa lambar takarda ta fi suna da adadi daraja. A rubuta ta ɓaro-ɓaro a kan inbois, a roƙi mai saye ya sa ta a gurbin bayani. Mutane ba sa rubutawa iri ɗaya: wani zai sa "inv 417", wani "INV-0417". Sai a koya wa manhajar ta watsar da tazara da karan ɗori da sifilin farko, ta riƙe 417. Dokar da nake ganin ta fi aminci ita ce kada a buga "an biya" sai lamba da adadi sun dace gaba ɗaya. In lamba ta dace amma 150,000 aka turo, a rubuta saura 35,000, takarda ta ci gaba da zama a buɗe. In babu lamba sam, ko an haɗa kuɗin takardu uku a turi ɗaya, a jefa alat ɗin a jerin da mutum zai duba da idonsa.

Wani lokaci saƙo ɗaya kan shigo sau biyu, ko wani ma'aikaci ya sake turo shi cikin akwatin. Maganinsa lambar hada-hada. Taransifar da ta bi ta NIBSS daga wani banki zuwa wani tana da `Session ID` mai lambobi 30, kuma ba a maimaita ta. In alat na ɗauke da ita, ko da wata lambar shaida ta bankin, manhaja ta adana duk wadda ta taɓa gani, ta ƙi ƙirga ta karo na biyu.

Babban haɗari shi ne alat na bogi. Sunan mai aikowa da ke bayyana a saman imel kowa na iya ƙirƙirarsa, har da tambarin banki. Abin dubawa yana ɓoye a kan saƙon: a Gmail, in aka danna `Show original`, a nemi `dkim=pass` tare da ainihin adireshin intanet na bankin. Manhaja ta yi wannan binciken kafin komai, kuma kada ta karɓi rasit ko hoton da mai saye ya turo da kansa. Duk da haka imel labari ne kawai, hujja tana cikin sitatimen na banki, don haka a riƙa gwada su aƙalla sau ɗaya a mako.

Wanda cinikinsa ya yi yawa yana iya tsallake imel ɗin ma baki ɗaya. Kamfanoni irin su Paystack da Monnify na ba kowane mai saye lambar asusu tasa ta musamman, mai lambobi 10 kamar ta kowane banki. Duk kuɗin da ya faɗa cikin lambar Hajiya nata ne, ko wane mai POS ya turo. Sai dai suna cirar ladansu a kan kowane biya, kuma in Hajiya na da takardu biyu a buɗe, dole mai kaya ya yanke tun farko wacce za a fara rufewa. Yawanci tsohuwar ake farawa da ita.