Sunan Wasa a Bakin Mai Saye: Darasi daga Tarihin Scrabble

Wasannin karta da na allo ba su cika yaɗuwa ta hanyar talla ba, domin galibi mutum yana fara ganin wasa ne a majalisa ko a gidan aboki, ya buga ya ji daɗinsa, sa'annan bayan kwanaki ya nufi kanti neman nasa. A wannan lokaci babu kwali a hannunsa, babu hoto, sunan da ya ji kaɗai yake ɗauke da shi. Idan sunan ya ɓace masa, ko ya faɗe shi mai kanti ya miƙo wani abu dabam, to wahalar mai ƙirƙira ta tafi a banza.

Tarihin Scrabble, wasan haɗa kalmomi da 'yan Nijeriya suka yi fice a kansa har Wellington Jighere ya zama zakaran duniya a 2015, ya bayyana wannan al'amari. Alfred Butts, wani mai zanen gine-gine a Amurka, shi ya fara tsara wasan a farkon shekarun 1930 da sunan Lexiko, wanda ba shi da allo. A 1938 ya ƙara masa allo mai gida 15 a tsaye da 15 a kwance, ya kira shi Criss-Crosswords, amma manyan kamfanonin wasanni suka ƙi karɓarsa. Wannan suna na biyu yana bayyana yadda ake wasan, sai dai yana da tsawo, yana maimaita sauti iri ɗaya har harshe ya sarƙe, kuma ya yi kama da sunan wasan cike gurbin kalmomi da jaridu ke bugawa, ta yadda mai kanti zai iya zaton littafin irin wannan wasa ake nema.

A 1948 James Brunot ya karɓi haƙƙin sarrafa wasan bisa sharaɗin biyan Butts wani kaso a kan kowane kwali, ya sauƙaƙa dokokinsa, ya raɗa masa Scrabble, ya kuma yi wa sunan rajista a matsayin alamar kasuwanci, wato sunan da doka ta keɓe wa mai shi, ta hana wani sayar da irin hajar da shi. Sabon sunan gaɓa biyu ne a bakin masu Ingilishi, kuma babu wani wasa a kanti da ake kira haka. Duk da haka suna shi kaɗai bai kawo ciniki ba, domin a 1949 Brunot ya yi kwali kusan 2,400 kuma ya yi asara. Sai daga 1952 kasuwa ta buɗe, a nan ne amfanin sunan ya fito, tunda duk wanda ya ga wasan a wurin wani yana iya nemansa ba tare da dogon bayani ba.

Abin da za a lura da shi shi ne bambancin sunan jinsi da sunan haja. Dara da karta sunayen jinsi ne, na kowa da kowa, saboda haka wanda ya ƙirƙiro sabon wasa ya kira shi "Sabuwar Dara" ba zai iya hana wani amfani da sunan ba, mai saye kuma zai koma gida da duk allon da aka ba shi. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a zaɓi gajeren suna na musamman, a bar bayanin wasan ga ƙaramin rubutu a ƙarƙashinsa, wanda zai faɗi irin wasan da adadin masu bugawa.

Sauƙin furuci kuwa yana bin harshen masu saye. Baƙaƙe uku da suka taru a farkon Scrabble suna yi wa Bahaushe nauyi har sai ya cusa wasula a tsakaninsu, alhali Ludo ya zauna daram a Hausa a matsayin lido. Don haka ya kamata a gwada suna kafin a buga kwali: a faɗa wa mutum goma sunan sau ɗaya a cikin hira, a dawo bayan kwana biyu a ce su maimaita shi, su kuma rubuta shi a waya. Idan rubutun ya fito iri uku ko huɗu, ko kuwa suka koma siffanta wasan maimakon kiran sunansa, alama ce cewa sunan bai kama ba.

Bayan gwaji sai rajista. Wasanni suna cikin aji na 28 a tsarin rarraba hajoji na duniya, kuma a Nijeriya ofishin rajistar alamun kasuwanci da ke Abuja yana ba da kariyar shekara 7 da farko, a riƙa sabuntawa duk shekara 14, yayin da Nijar ke bin hukumar OAPI mai hedikwata a Yawunde. Wajibi ne a binciki kundin rajistar kafin a kai aiki maɗaba'a, domin canza suna bayan 'yan kasuwa sun saba da shi yana nufin zubar da kwalayen da aka buga, da sake koya wa masu saye abin da za su tambaya.