Wata Takwas Babu Labari: Yadda Ake Tuntuɓar Editan Mujallar Ilimi

Malamin jami'a ya tura maƙalarsa ga wata mujallar ilimi, wata takwas shiru kake ji. Shafin mujallar na nuna `Under Review`, alhali lokacin neman ƙarin girma ya ƙarato.

Sau da yawa ba sakacin edita ba ne. Masana biyu ko uku ake nema su tantance aikin, galibi kyauta, kuma wani yakan karɓa ya yi ɓatan dabo.

Don haka kafin ya ɗauki alƙalami, marubuci ya duba tsawon lokacin da mujallar ta ce tana ɗauka. Idan an zarce shi sosai, sai jagoran marubutan shi kaɗai ya rubuta gajeriyar wasiƙa: gaisuwa, taken maƙalar, lambarta, ranar da aka tura ta, sannan tambaya guda, wane mataki aikin ya kai? Yana iya cewa a shirye yake ya ba da sunayen wasu masana idan an rasa mai dubawa. Ƙorafi da zancen ƙarin girma ba su da gurbi a ciki.

In an yi mako biyu ba amsa, ya sake tunatarwa. Haramun ne ya kai maƙalar wata mujalla kafin ya janye ta a rubuce.